Gwada ƙarfin kankare da ƙananan kiyub: yadda ake kwatanta 1:1.5:3 da 1:2:4 da 1:3:6

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗaliba ce a sashen injiniyan gine-gine a nan Bauchi. An ba mu aiki, mu huɗu, mu kwatanta ƙarfin kwaɓin 1:1.5:3 da 1:2:4 da 1:3:6 ta hanyar fasa kiyub. Kuɗinmu kaɗan ne. Za mu iya yin ƙananan kiyub na milimita 100, kafinta ya haɗa mana mazubi na katako? Guda nawa za su isa? Kuma ruwa, duk iri ɗaya za mu zuba?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da maganar ruwa ko da yake ita kika sa a ƙarshe, domin a kanta aikin naku zai tsaya ko ya rushe. Girman kiyub da yawansu abu ne mai sauƙin warwarewa, za mu zo kansu.

Ruwa ne ke yanke hukunci

Lambobin nan uku da muke faɗa, siminti da yashi da dutse, ba su ambaci ruwa ba, alhali kuwa ƙarfin kankaren da ya samu dannawa sosai yana bin yawan ruwan da aka zuba wa kowane kilo na siminti. Duff Abrams ya nuna haka tun 1918, kuma har yau a kansa ake gina lissafin kwaɓi. Siminti yana shan ruwa kaɗan ne don ya kama. Ragowar da muke ƙarawa don kwaɓin ya yi laushi yana zama a ciki, daga baya ya bushe ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma ta waɗannan ramukan kankare ke fashewa. Saboda haka idan kun canza yawan siminti, ruwa kuma kuka bar shi yana tafiya yadda hannun mai kwaɓa ya ga dama, ba za ku san wanne ne ya kawo bambancin da injin fasa kiyub ya nuna ba.

Hanya biyu ce a gabanku, kuma dole ku zaɓi ɗaya ku rubuta ta tun kafin a buɗe buhu.

Ta farko, a tsayar da rabon ruwa da siminti wuri ɗaya, a ce 0.55 ga duka ukun. A takarda tana da kyau, amma mu lissafa ta ki gani. Lita 10 ta kankare tana da nauyin kusan kilo 24. A kwaɓin 1:1.5:3 wannan zai ci siminti kilo 4, ruwa lita 2.2. A 1:2:4 siminti kilo 3.2, ruwa lita 1.76. A 1:3:6 siminti kilo 2.3, ruwa lita 1.27 kacal, ga kuma yashi da dutse sama da kilo 20 suna jiran a jiƙa su. Na farkon zai fito ruwa-ruwa kamar kunu, dutse ya nutse ƙasa, siminti ya taso sama. Na ƙarshen zai fito a wargaje, ki damƙa ya ƙi haɗuwa, kuma duk dukan da za ki yi masa da ƙarfe ba zai cika kusurwoyin mazubi ba. In ya fito da rauni a inji, iskar da ta maƙale a ciki ce ta kayar da shi, kuma rahotonku zai ɗora laifin a kan ƙarancin siminti.

Ta biyu, wadda nake ba ku shawara, a tsayar da laushin kwaɓin wuri ɗaya. Ana auna laushin da gwajin da a lab ake kira silam: mazurarin ƙarfe mai tsayin milimita 300, a cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi sau 25 da rodi mai kaurin milimita 16, a ɗaga shi a hankali, a auna yadda kankaren ya zauna. Ku nemi kusan milimita 50 ga kowane kwaɓi, ku yarda da 40 zuwa 60. Dalilina shi ne haka birkila yake aiki a wajen gini: yana zuba ruwa har kwaɓin ya yi laushin da zai shiga tsakanin roduna, ko siminti ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kuma akwai abin da za ku gani da idonku: muddin yashi da dutsen ba su canza ba, ruwan da ake bukata don samun laushi ɗaya kusan ɗaya ne a duka kwaɓin. Da dutsen fasa na milimita 20 da yashin kogi, ku fara da kusan lita 1.9 ga kowace lita 10 ta kankare. Da wannan ruwan, 1:1.5:3 mai siminti kilo 4 yana da rabon ruwa kusan 0.48, 1:2:4 mai kilo 3.2 yana da kusan 0.59, 1:3:6 mai kilo 2.2 kuwa ya haura zuwa 0.86. Kin ga ke nan asirin raunin 1:3:6: ruwa ɗaya ne, amma simintin da zai raba shi ya ragu da kusan rabi. In kun zana ƙarfin da kuka samu a kan waɗannan lambobin uku, layin zai sauko kamar yadda littafi ya ce, kuma wannan zanen ya fi duk wani shafi na rahotonku daraja.

Lita 1.9 mafari ne kawai. Ku auna ta a jarka, ku zuba kashi tara cikin goma, ku kwaɓa, ku gwada, sannan ku ƙara kaɗan-kaɗan da kofi mai ma'auni har laushin ya yi. Abin da ya rage a jarkar ku auna shi ku cire, ku rubuta ainihin abin da ya shiga.

Wata shekara wasu ɗalibai uku suka kawo mini sakamakonsu suna cikin damuwa, wai 1:1.5:3 ɗinsu da 1:2:4 sun fito kusan kai ɗaya, suna zargin injin. Na ce su nuna mini inda suka kwaɓa. Daɓen siminti ne a bayan wani gini, rana na dukansa, ga gwangwanin fenti da aka yanke baki a gefe. Na tambayi wa ya kwaɓa, suka ce wani lebura suka roƙa ya taya su. Da muka same shi, bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Oga, wancan mai simintin da yawa yana kama shebur kamar tuwo, shi ne na ɗan sake shi." Na ce da nawa? Ya ɗaga gwangwanin ya nuna rabinsa da yatsa. Gwangwanin na lita 4 ne, kwaɓin nasu na kusan lita 25. Shi a saninsa taimako ya yi, kuma a wajen gini ba wanda zai ce masa komai. Amma rabin gwangwanin nan ya cinye duk ƙarin simintin da suka saya. Tun daga lokacin nake ce wa kowane rukuni su ware mutum ɗaya wanda aikinsa kawai riƙe jarkar ruwa ne da biro.

Ruwan da ke ɓoye cikin yashi

Yashin da tifa ke saukewa, musamman wanda aka ɗebo daga kogi kwanan nan ko da damina, yana ɗauke da ruwansa. Ki ɗebi giram 500, ki soya a tsohon kasko har ya daina tururi, ki bari ya huce, ki sake aunawa. A ce ya dawo giram 480. Giram 20 ke nan a kan 480, kusan kashi 4 cikin ɗari. A kwaɓin 1:2:4 mai yashi kilo 6.4, wannan rubu'in lita ne na ruwan da ba ku zuba ba amma yana ciki, kuma ya isa ya ɗaga rabon ruwa daga 0.59 zuwa 0.67. Mafi sauƙi gare ku shi ne ku shanya duk yashin da za ku yi aiki da shi a kan leda, a inuwa, kwana biyu ko uku, kuna juyawa, sannan ku ɗure a buhu ku ɗaure. Da hunturun Bauchi kwana ɗaya ma na iya isa.

Danshin nan shi ne kuma dalilin da ya sa nake cewa ku auna da sikeli. A wajen gini da kwanon sarki ake awo, ana ɗaukar buhu ɗaya na kilo 50 a matsayin kwano biyu. Amma yashi mai ɗan danshi yana kumbura, zai iya ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari ko fiye a ido, ta yadda kwano huɗu na yau ba daidai suke da kwano huɗu na gobe ba. In malaminku yana nufin awon kwano, ku ɗauki gwangwani mai lita ɗaya, ku auna nauyin cikinsa na siminti, na busasshen yashi, da na dutse, ku juya rabon zuwa kilo, sannan ku ci gaba da sikeli. Ku faɗa a fili cikin rahoton wanne kuka bi, domin 1:2:4 na kwano da 1:2:4 na sikeli suna kusa amma ba ɗaya ba ne.

Ku kuma duba laka. A zuba yashi cikin kwalba mai garau zuwa kusan rabi, a ƙara ruwa mai ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Lakar za ta kwanta a sama da launinta daban. In kaurinta ya wuce kusan kashi 8 cikin ɗari na kaurin yashin, ku wanke shi ko ku canza. Siminti kuwa buhu ɗaya tak, sabo, marar dunƙule, kuma ku rubuta lambar da ke jikinsa, 32.5 ko 42.5. Ko na Ashaka ne ko na wani kamfani, abin da ke da muhimmanci shi ne duka kwaɓin uku su fito daga buhu guda.

Milimita 100 ko 150

Ƙaramin kiyub halal ne a ƙa'ida. BS EN 12390 ta ce gefen kiyub ya kai aƙalla ninki uku da rabi na dutse mafi girma, don haka da dutsen milimita 20, wanda ake kira tiri kwata, kiyub na 100 ya wadatar. Ku tankaɗe dutsen ku fitar da manyan da suka wuce haka, domin dutse ɗaya mai milimita 40 a cikin ƙaramin kiyub ya isa ya karkatar da sakamakonsa.

Guda uku ga kowane kwaɓi a kowace ranar gwaji shi ne mafi ƙaranci. Kwaɓi uku, kwana 7 da kwana 28, ya zama kiyub 18. Kowanne lita ɗaya ne, nauyinsa kusan kilo 2.4. Lita 10 ga kowane kwaɓi ta isa gwajin silam, wanda ke cin kusan lita biyar da rabi kuma ana iya mayar da shi a sake juyawa nan take, ta kuma isa kiyub shida har da rara. Duk simintin bai kai kilo 10 ba. Ko da na 150 kuka yi, wanda kowanne ya haura kilo 8, rabin buhu ya ishe ku. Wato ba a siminti kuɗin yake ba. Yana wajen mazubi, da ɗauka, da abin da ake biya a kan kowane kiyub in ba lab ɗin makarantarku ba ne. Saboda haka kada ku rage yawan kiyub don tsimi. In dole sai an rage, ku bar gwajin kwana 7 gaba ɗaya, ku riƙe uku-uku na kwana 28.

Akwai abu ɗaya da za ki je ki duba kafin ki yanke shawara: injin da kansa. Yawancin injunan fasa kiyub suna kaiwa kN 1500 ko 2000. Ƙaramin kiyub na 1:3:6 a kwana 7 zai iya fashewa ƙasa da kN 80, wato a can ƙasan ma'aunin, inda injin ya fi ƙarancin daidaito, kuma in mai allura ne, tsakanin zane da zane na iya zama kN 5 ko 10. Ki tambayi ma'aikacin lab ko injin yana da ƙaramin zango, da kuma yaushe aka duba daidaitonsa. In babu ƙaramin zango, ni zan koma 150, wanda ke ɗaukar nauyi ninki biyu da kwata a ƙarfi ɗaya. Duk wanda kuka zaɓa, kada ku gauraya girma biyu, domin ƙaramin yakan nuna ƙarfi sama kaɗan.

Maganar mazubin katako

A nan ne ba na son ku yi araha. Farantan injin ƙarfe ne mai santsi, kuma nauyin yana bi ta duk inda fuskar kiyub ta fara taɓa su. Ƙa'idar ta yarda da karkacewar milimita 0.06 kawai a fuskar kiyub na 100, kusan kaurin silin gashi. Katako yana shan ruwan kwaɓin, yana kumbura, yana buɗewa a tsakiya in an danna, ruwan siminti kuma yana zurarewa ta haɗin. Fuskar da ta ɗan yi tozo a tsakiya tana sa nauyi ya taru wuri ɗaya, kiyub ya tsage da wuri. Kuma kowane mazubi da irin karkacewarsa, don haka ba za ki iya cewa kuskuren ya shafi kowa daidai ba.

Ki fara da aro. Mazubi shida na ƙarfe sun isa: kwaɓi ɗaya a rana, a kwance washegari, a wanke, a shafa mai, a zuba na gaba. Akwai kuma na roba mai kauri, mai ɗan rami a gindi da ake hura iska da famfon keke kiyub ya fito, sun fi na ƙarfe araha nesa, kuma fuskarsu tana fitowa da santsi. In duk sun gagara, kafinta ya yi amfani da falankin nan mai baƙar fuska mai sheƙi da ake zuba dekin da shi, kauri milimita 18, ya haɗa da sukurori maimakon ƙusa, ya ɗaura katako a bayan kowane gefe, a toshe haɗin da giris. Ki ɗora rular ƙarfe a kan fuskar kowane kiyub da ya fito ki ɗaga shi wajen haske. In haske na ratsawa ƙarƙashin rular, ki rubuta lambarsa. Kuma ki faɗa a rahoton cewa da katako aka yi, domin lambobin za su iya nuna wane kwaɓi ya fi wani, amma ba za a kafa hujja da su a kan ainihin ƙarfin ba.

In kun samu lokaci, akwai tsarin da na fi so: kowace rana a kwaɓa duka ukun, a zuba kiyub biyu-biyu, kwana uku a jere. Ta haka kowane rabo an kwaɓa shi sau uku, kuma zafin wata rana ko gajiyar hannu ba za ta faɗa kan kwaɓi ɗaya kawai ba. Zai ci ƙarin siminti da ƙarin zuwa lab, amma sakamakonsa ya fi tsayawa da ƙafarsa.

Zubi da jiƙo

Ku fara zubi ranar Litinin ko Talata. Kwana 7 da kwana 28 duk suna faɗawa a ranar da aka yi zubin, kuma kwancewa washegari ce. Wanda ya zuba ranar Juma'a zai zo kwancewa Asabar ya tarar da ƙofa a kulle, ranar fasawa kuma ana gaggawar masallaci.

Ku kwaɓa a inuwa, a kan faranti ko cikin baro da aka shafa da jiƙaƙƙen tsumma, yashi da siminti tukuna har launin ya zama ɗaya, sannan dutse, sannan ruwa. Mazubin a shafa masa mai siriri, kada ya taru a gindi. A cika shi hawa biyu, kowane hawa a danna sau 25 da ƙarfe mai murabba'in fuska na milimita 25, tsayi 380, nauyi kilo 1.8. Duk mai walda zai yanka miki shi. Dukan ya zagaye ko'ina har kusurwoyi, sannan a bubbuga gefen mazubin har kumfar iska ta daina tasowa, a share sama da cokalin gini. Mutum ɗaya ya danna duka 18.

A rufe da leda nan take. Iskar hunturu tana busar da saman kiyub cikin awa ɗaya, ki dawo ki ga ƙananan tsage kamar ƙasan tafki da rani. Washegari a kwance, a rubuta lamba da kwanan wata da fenti ko maka a sama, a nutsar cikin ruwan sha mai tsabta. Ƙa'idar tana son ruwan ya tsaya a digiri 20, sama ko ƙasa da 2. A Bauchi da Gombe durom ba zai ba ku wannan ba, a watan Afrilu ruwan ya yi ɗumi, a Janairu da asuba ya yi sanyi. Abin da za ku iya shi ne duka kiyub su zauna a durom ɗaya, a cikin ɗaki, ruwa ya rufe su, ku riƙa auna zafinsa safe da yamma kuna rubutawa. Ruwan ɗumi yana sa ƙarfin kwana 7 ya taso da wuri, don haka maganar nan ta cewa kwana 7 kashi biyu cikin uku ne na kwana 28 kada ta ruɗe ku in naku ya haura haka.

Ranar fasawa

Kiyub ana fasa shi da danshinsa. In lab ɗin na da nisa, ku naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, ku sa a bokiti. Wanda aka bari ya bushe a rana yakan nuna ƙarfi sama da na gaskiya. A goge ruwan, a auna gefunan, a ɗora kowanne a sikeli, a rubuta. Fuskar da aka share da cokali ta kalli gefe, santsin fuskokin da suka kwanta jikin mazubi su ne za su taɓa farantan. A share tsakuwar kiyub na baya daga farantin, a daidaita shi a tsakiya. Nauyin ya hau a hankali ba tsayawa, kusan 0.6 N/mm² a daƙiƙa, wato kN 6 a daƙiƙa ga kiyub na 100. Kiyub mai ƙarfin 23 zai ɗauki kusan daƙiƙa 40. In inji mai famfon hannu ne, ki tsaya da agogo, domin saurin bugawa yana ɗaga sakamako.

```
f = F / A
f = 228000 N / 10000 mm² = 22.8 N/mm²
```

A ce kiyub uku na 1:2:4 sun ba ku kN 228 da 241 da 215. Ƙarfinsu 22.8 da 24.1 da 21.5, matsakaici 22.8, tazarar babba da ƙarami 2.6, kusan kashi 11 cikin ɗari na matsakaicin. Wannan ya shiga, domin iyakar da ƙa'idar EN 206 ta sa wa kiyub da suka fito daga ɗiba ɗaya kashi 15 ce. To a ce na ukun 168 ya ba ku. Tazarar ta zama 7.3 a kan matsakaici 21.2, sama da kashi 30. Kada ku share shi a ɓoye, kada kuma ku haɗa shi ku wuce. Ku koma littafin nauyi. In biyun farko kilo 2.39 da 2.41 ne, shi kuma 2.24, ga amsar nan: ya gaza 'yan'uwansa da kusan kashi 7, wato iska ce a ciki, kuma ramukan iska na kashi 5 kawai suna iya zubar da ƙarfi da kusan kashi 30. Ku duba jikinsa, da wuya ku rasa ramuka kamar saƙar zuma a wata kusurwa. Yanzu kuna da dalilin ware shi, ku rubuta dalilin. In nauyinsa daidai yake kuma ba ku ga aibi ba, ba ku da ikon cire shi, sai dai ku bayyana cewa sakamakon wannan rukunin bai tsaya ba.

Wajen kwatantawa, ku sa tazarar kusa da matsakaicin koyaushe. In 1:1.5:3 ya ba da 31, 1:2:4 ya ba da 23, 1:3:6 ya ba da 12, kowanne da tazarar 2 ko 3, bambancin a fili yake. In kuwa biyu sun fito 25 da 23 alhali kiyub na cikin kowanne sun bambanta da 3, kiyub uku ba su isa su ce wannan ya fi wancan ba, kuma faɗin haka ya fi ƙirƙirar dalili. Kada kuma ku rubuta cewa 1:2:4 ɗinku ya cika ajin 20 don matsakaicinsa ya kai 23. Ajin kankare ana ɗora shi a kan ƙarfin da kashi 95 cikin ɗari na sakamako za su kai, kuma wannan yana bukatar sakamako masu yawa daga kwaɓi daban-daban. Abin da kuka gano ya tsaya ga simintinku, yashinku da dutsenku. Dutsen fasa na Bauchi mai kaifin baki ya fi tsakuwar rafi mai sulɓi shan ruwa, ya kuma fi ta kama siminti, don haka wanda ya maimaita aikin a Gombe da wata tsakuwa zai samu wasu lambobi.

Kada ku zubar da ɓaraguzan kafin ku kalle su. Kiyub da ya fashe daidai, gefuna huɗun suna zubewa kusan daidai da juna, sama da ƙasa suna nan, abin da ya rage ya tsuke a tsakiya kamar kalangu. In gefe ɗaya kawai ya ɓalle, ko ya rabe gida biyu daga sama zuwa ƙasa, to fuskar ba ta miƙe ba ko ba a daidaita shi a tsakiya ba, ku ɗauki hotonsa ku sa masa alama. Sannan ki ɗauki gutsure ɗaya daga kowane kwaɓi ki riƙe su a hannu. A na 1:3:6 za ki ga duwatsun sun fita lafiyarsu ƙalau, sun bar gurabensu, turɓayar da ke tsakani tana murmushewa in kin murza da babban yatsa. A na 1:1.5:3 za ki fara ganin wasu duwatsun da kansu sun rabe, tsagar ta ratsa ta cikinsu, fuskarsu sabuwa tana ƙyalli. Ki jera ukun a kan farar takarda, ki ajiye rula a gefe, ki ɗauki hoton ya shiga rahoton kusa da zanen rabon ruwa.